Firebase ko Saba Taka ta Kanka: Ina Ƙaramar Manhaja Za Ta Ajiye Bayananta?

Abin da kake gani a fuskar waya rabin manhaja ne kawai. Ɗaya rabin yana kan wata kwamfuta mai nisa da ba ta mutuwa dare da rana, wadda ake kira saba. Can ake adana sunayen masu amfani da saƙonninsu. Mai gina manhaja yana da hanya biyu: ko ya yi haya a wurin da aka riga aka shirya komai, kamar Firebase, wanda Google ya saya a 2014, ko ya kama sabarsa ya kula da ita da kansa.

A ce makarantar Islamiyya ce mai iyayen yara 400, tana son manhajar da za ta riƙa aika musu sanarwa. A Firebase, malamin da ya iya rubuta manhaja ba sai ya gina tsarin rajista da kalmar sirri ba, yana nan a shirye. Rumbun bayanansa, Firestore, yana ajiye kwafi a cikin wayar, saboda haka ko sabis ya ɗauke uba zai ga sanarwar jiya. Ga wanda ya san halin sabis ɗinmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai Firestore ƙirge yake yi. Duk takardar bayani ɗaya da waya ta ɗauko, karatu ɗaya ne, kuma tsarin kyauta, Spark, karatu 50,000 yake bayarwa a rana. To idan aka rubuta manhajar da sakaci, duk buɗewa ta kwaso sanarwa 200 da aka tara tun farkon shekara, kowane uba kuma ya buɗe sau 2, lissafin zai iya kai karatu 160,000. Kafin rana ta yi nisa kason ya ƙare, sabbin sanarwa sun daina zuwa sai washegari. Iyaye za su ce manhaja ta lalace, alhali shafin Usage ne zai nuna gaskiya. Maganin gajere ne: a jera sanarwar daga sabuwa zuwa tsohuwa da `orderBy`, a sa `limit(20)`, a ɗauko sabbi 20 kawai. Lissafi ya sauko zuwa 16,000.

Ko da an koma tsarin biya, Blaze, wancan rarar ba za ta wuce 'yan daloli a wata ba. Abin tsoro shi ne kuskuren da zai sa manhaja ta yi ta karanta rumbu babu tsayawa, domin gargaɗin kasafi da ake saitawa saƙo kawai yake turowa, ba ya rufe famfo. Akwai kuma dokokin tsaro: da yawa kan fara da test mode, wanda ke barin rumbu a buɗe ga kowa har kwana 30, daga baya su tsawaita wa'adin maimakon su rubuta dokar da za ta hana wani uba ganin bayanan ɗan wani.

Saba ta kanka fa? Da kimanin dala 5 ko 6 a wata za ka kama ƙarama, ka ɗora PostgreSQL, kuɗin kuma ba ya motsi ko iyaye sun buɗe sau ɗari. Amma sabunta tsaro naka ne. Takardar shaidar Let's Encrypt tana da wa'adi, in sabuntawarta ta tsaya ba ka lura ba, wayoyi za su ƙi haɗuwa da sabar. Kwafin ajiya ma naka ne, kuma kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, ba a san ko yana aiki ba. Tambayar da nake fara yi ita ce: in malamin nan ya samu aiki a wani gari, wa zai riƙe sabar? In babu amsa, Firebase ya fi.

Inda ra'ayina ke sauyawa shi ne ranar da makaranta ta ce a haɗa da kuɗin makaranta: wa ya biya, wa ake bi bashi, nawa kowane aji ya tara a zango. Wannan aikin haɗa jadawali da jadawali ne, abin da aka gina PostgreSQL dominsa. Firestore ba ya haɗa su da kansa, sai ka maimaita bayani ɗaya a wurare da dama, ranar da ka gyara nan ka manta can kuwa, lissafi ya saɓa. Ƙaura daga baya tana da wuya, don sau da yawa sai an sake rubuta duk inda manhaja ke magana da rumbun. Masu amfani da Parse sun ɗanɗana ƙaurar dole lokacin da Facebook ya rufe shi a Janairun 2017. Wanda ya san lissafin kuɗi na tafe amma ba shi da mai kula da saba, ya duba Supabase: shi ma shiryayye ne, amma a kan PostgreSQL yake, kuma ana iya kwashe rumbun a mayar kan saba ta kanka idan buƙata ta taso.