Ruwan Hekta Ashirin: Yadda Ake Auna Bakin Kwalbati

Girman ramin da titi ya ratsa ba shi ne ke nuna girman kwalbatin da za a sa ba. Abin dubawa shi ne faɗin ƙasar da ke juyo ruwanta zuwa wannan wuri, da ƙarfin ruwan sama, da kuma abin da ƙasar ke iya shanyewa. Waɗannan uku injiniyoyi ke haɗawa da wani lissafi da ake dangantawa da Thomas Mulvaney na ƙasar Ireland tun 1851:

```
Q = C × i × A / 360
```

A faɗin ƙasar ne da hekta. i ƙarfin ruwa ne, milimita nawa a awa guda. C kason ruwan da ke gudu bai nutse ba. Amsar, Q, kubik mita ce a kowace daƙiƙa, kuma kubik mita ɗaya lita 1,000 ce.

Mu ɗauki misalin gonaki hekta 20 a bayan gari. Idan ruwan da ya faɗi a can ƙarshen filin yana cin minti 30 kafin ya iso titi, injiniya zai duba bayanan ruwan sama na yankin, ya nemo mafi ƙarfin ruwan minti 30 da ake sa ran gani sau ɗaya a shekara 10 ko 25. A ce ya sami 90. Gona na shan ruwa sosai, don haka C zai kama 0.3. Lissafi ya ba da 1.5. Bututun kankare mai faɗin milimita 900 yana wuce da kusan kubik mita ɗaya idan ruwa ya ɗan rufe bakinsa, ke nan biyu sun wadatar.

To, a nan gizo ke saƙa. Bayan wasu shekaru an yanka gonakin filaye, an yi rufin kwano, an shafe tsakar gidaje da siminti. Ruwan da ƙasa ke sha a da yanzu kwata yake bi, C ya haura 0.7, amsa ta koma 3.5. Ruwan ma ya fi saurin isowa, wanda ke ƙara ɗaga i. Bututu biyun nan ba su lalace ba, amma aikin huɗu aka ɗora musu. Shi ya sa nake ganin wajibi ne a yi lissafi da unguwar da za ta tashi gobe.

Kwalbatin da ya yi kaɗan ba ya ɓuya: ruwa na taruwa ta sama har ya bar shatar laka a bangon gidaje, ta ƙasa kuma yana fita da ƙarfi yana cin gindin titi. Sai dai a fara leƙa ciki, don yashi da leda kan cike rabin bututu.

Lissafin na ƙananan filaye ne, galibi ƙasa da hekta 80. Ya ɗauka ruwa na sauka daidai ko'ina, abin da ba ya faruwa a faffaɗan yanki. Rafi babba wata hanyar lissafi yake buƙata.