Na'urar da Ta Koyi Kankara Maimakon Kyarkeci

Ba a rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa dokar gane dabba. Misalai ake ba ta, kowane hoto da sunansa. Sai ta canka, a auna kuskurenta, ta ɗan gyara lambobin da ke cikinta, a yi ta maimaitawa har kuskuren ya ragu.

A 2016, masu bincike a Jami'ar Washington sun koya wa wata na'ura bambanta kyarkeci da karen haski. Da gangan suka zaɓi hotunan kyarkeci masu ƙanƙara a bayansu, na karnuka kuwa babu. Na'urar ta kama farin ƙasan ta bar dabbar. Kare ya tsaya kan ƙanƙara, sai ta ce kyarkeci ne.

Wannan ɗan'uwan babbar cutar fannin ce, wato haddar misalai: na'ura ta riƙe har abin da ya faɗo cikinsu bisa katari, kamar ɗalibin da ya haddace amsoshin bara. Maganin farko shi ne a ɓoye wasu misalai, galibi kashi 20 cikin 100, don jarrabawa. In ta yi zarra a waɗanda ta gani amma ta faɗi a ɓoyayyun, hadda ta yi. Sai a ƙaro misalai mabambanta, ko a tsayar da horon da wuri.