Kashi 96 na Injin Caca: Kuɗin Wa Ake Mayarwa?

A shafin bayanin yawancin wasannin injin caca na waya, waɗanda hotuna ke jujjuyawa su tsaya a jere, akwai haruffa uku, RTP, da lamba a gefensu. Wasan Starburst na kamfanin NetEnt, alal misali, yana ɗauke da 96.09%. Mutane da dama na ɗauka cewa wanda ya zuba naira dubu goma zai tashi da dubu tara da ɗari shida, ko kuma cikin juyi ɗari zai ci 96. Duka biyun kuskure ne, kuma kuskure ne mai cin aljihu.

Lambar tana nufin kason da aka tsara wasan ya mayar daga jimillar kuɗin da dukkan 'yan wasa suka saka, bayan juyi miliyoyi. Masu ƙera wasan suna lissafa ta ne daga yiwuwar fitowar kowane jeri da abin da yake biya, sannan ɗakunan gwaji irin su GLI da eCOGRA su tantance. In an ce kashi 96, to kashi 4 na gidan caca ne. Duk lambar da ke ƙasa da 100 shaida ce cewa an gina wasan ne don mai wasa ya yi asara a ƙarshe. A jihar Nevada ta Amurka doka ta yarda inji ya sauko har kashi 75.

Abu na farko da ke ɓoye shi ne, ana cire kashi 4 ɗin ne daga kowane saka kuɗi, ba daga abin da mutum ya shigo da shi kaɗai ba. A ce matashi ya zuba naira 10,000, yana saka naira 100 a kowane juyi. A matsakaici, kowane juyi yana cin naira 4. Ƙananan cin da yake samu yana mayar da su cikin wasan, don haka in ya yi juyi 600 a awa guda, ya saka naira 60,000 ke nan, asararsa a lissafi kuwa naira 2,400 ce. Bayan juyi 2,500, wato awa huɗu da 'yan mintuna, abin da ya saka ya kai naira 250,000, kuma kashi 4 na wannan shi ne naira 10,000 cif, duk jarinsa. Saurin juyi na cikin dalilan da suka sa hukumar kula da caca ta Birtaniya, tun 2021, ta hana juyi a intanet ya gaza daƙiƙa biyu da rabi, ta kuma hana wasan juya kansa.

Abu na biyu, lambar ba ta faɗin yadda ake raba kuɗin. Mu ɗauki inji mai sauƙi wanda ake saka wa naira 100, yiwuwar ci a kowane juyi ɗaya cikin ɗari ce, cin kuma naira 9,600. Kasonsa 96 ne daidai. To mutum ɗari su zauna, kowa ya yi juyi ɗari da naira 10,000. Kimanin mutum 37 za su tashi ba ko kwabo. Wasu kimanin 37 za su ci sau ɗaya, su tashi da naira 9,600. Sauran 26 ne kawai za su ci sau biyu ko fiye, su ga riba. In wasan yana da babbar kyauta mai taruwa, lamarin ya fi haka tsanani, domin wani ɓangare na kason yana jiran mutum guda ne cikin dubbai.

Daga nan ake gane illar maganar nan ta "ya ci da yawa, yanzu zai zubo". Manhajar da ke zaɓen sakamako ba ta riƙe da tarihin asarar kowa. A injin misalinmu, wanda ya faɗi sau ɗari biyu a jere yana fuskantar ɗaya cikin ɗari a juyi na gaba, daidai da wanda ya zauna yanzu. Ba bashi injin ya ci ba, balle a jira ya biya.

Haka kuma sunan wasa bai isa shaida ba, domin wasu kamfanoni na fitar da wasa ɗaya da kaso daban-daban, gidan caca ya zaɓi wanda yake so. Gidan da babu hukumar da ke duba shi kuwa, lambar da ya rubuta ba mai tabbatar da ita. Ko a inda lambar take gaskiya, abin da take faɗa wa mai wasa shi ne farashin kowane juyi, kuma yawan juyi yawan biya ne.