Motar da ta daɗe tana faɗowa: yadda mafarkan Inception suke haɗe

Duk wanda ya kalli Inception, fim ɗin Christopher Nolan na shekarar 2010, zai tuna da farar motar nan da ta wuntsulo daga kan gada, aka yi ta jira ta taɓa ruwa kamar ba za ta taɓa ba. Wanda ya gane motar nan ya gane fim ɗin, domin ita ce agogon da komai yake bi.

Cobb, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a matsayinsa, ɓarawon sirri ne daga mafarkin mutane. A wannan karon attajiri Saito ya ɗauke shi aikin dasa wani tunani a kan Robert Fischer, wato ya wargaza kamfanin da ya gada daga mahaifinsa. Cikin jirgin sama daga Sydney zuwa Los Angeles, tafiyar awa 10, aka ɗirka wa Fischer maganin barci, ayarin kuma suka bi shi ciki.

Mafarkai uku ne, ɗaya cikin ɗaya, kuma kowanne da mai shi. Na farko na Yusuf ne, mai haɗa magunguna daga Mombasa: birni da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. A cikin motarsa sauran suka sake kwanciya, suka faɗa mafarkin Arthur, wani otal. Daga ɗakin otal suka gangara mafarkin Eames, wani ginin tsaro a kan dutse mai dusar ƙanƙara. Ƙa'idar ita ce mai mafarki ba ya barin nasa, dole ya tsaya ya yi gadin masu barci, ya kuma tashe su. Shi ya sa ayarin yake raguwa a kowace gangara.

Abin da ya fi rikita masu kallo shi ne lokaci. Da maganin Yusuf, kowane mataki ya ninka na samansa kusan sau 20. Awa 10 na jirgi sun zama kamar mako guda a birnin ruwan sama, wata shida a otal, shekara goma a dutsen ƙanƙara. To, mu auna da motar. Daga barin gada zuwa taɓa ruwa kamar daƙiƙa 10 ne. A wurin Arthur, daƙiƙa 200 ke nan, minti uku da 'yan kai. A wurin su Eames kuwa kusan awa guda ce, wadda ta isa a yi yaƙi, a fasa ƙofa, a kai Fischer gaban gadon mahaifinsa.

Abin da ya sami jikin mai barci kuma yana bin sa cikin mafarki. Ruwan saman nan ma, fitsari ne ya matsi Yusuf a jirgi! Da motar ta yi ta mirginawa, sai barandar otal ta yi ta juyawa da Arthur yana tsakiyar dambe. Da ta daki shingen gada, sai ƙanƙara ta zubo daga dutse a mataki na uku. Da ta saki ƙasa, sai nauyi ya ɓace a otal, mutane suna yawo a iska.

Nan matsala ta taso. Maganin ya yi ƙarfin da babu mai farkawa sai ya ji yana faɗuwa, kuma dole faɗuwar kowane mataki ta zo daidai da ta sauran. Waƙar Edith Piaf da ake sa wa mai mafarki a kunne ita ce alamar a shirya. Maharan da ke cikin zuciyar Fischer sun matsa wa Yusuf, ya yi saurin dukan shinge, damar farko ta wuce kowa. Saura taɓa ruwa. Ta yaya Arthur zai kayar da mutane a inda babu nauyi? Sai ya ɗaure su wuri guda, ya tura su cikin lif, ya sa nakiya ta ingiza shi. A ganina babu wurin da ya kai wannan daɗi a fim ɗin. Amma ina da ƙorafi: idan rashin nauyi ya isa otal, me ya hana shi isa dutsen ƙanƙara, alhali Eames yana shawagi a iska yana barci? Fim ɗin ya tsallake wannan.

A ƙarƙashin duka akwai Limbo, mafarki marar mai shi, inda wanda ya mutu cikin wannan barci mai nauyi yake faɗawa maimakon ya farka. An harbi Saito tun a mataki na farko, raunin ya bi shi har na uku ya kashe shi. Lokacin da Cobb ya same shi a can ƙasa ya zama tsoho tukuf, alhali jirgin bai ma sauka a Los Angeles ba.