Ƙibar Kanti: Haɗarin Ƙwayoyin Sa Ƙiba a Ƙasar Kura da Bunkure

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai ya malala gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya kafu, shinkafa da alkama da tumatir suka jawo kuɗi. Inda kuɗi ya shiga kuwa, mai talla ba ya nisa. Cikin hajar da ake kasawa a kantunan magani da tiren masu yawo a kasuwa har da ƙwayoyin da aka fi sani da suna "sha ka fashe". Masu sayensu galibi 'yan mata ne da aka sa wa ranar aure, da matan da ke gudun gorin rama, gama a ƙasar Hausa cikar jiki alama ce ta hutu da kyakkyawan riƙo.

Abin da ake ƙullawa a leda yawanci magani iri biyu ne. Na farko shi ne sifroheftadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, sai aka lura yana buɗe ciki. Illarsa ta kusa ita ce barci da jiri, abin da ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai tuƙa babur ko mai aiki da injin casar shinkafa. An kuma sami waɗanda ya taɓa wa hanta, har hukumar abinci da magunguna ta Amirka ta yi gargaɗi a 2023 kan wani ruwan magani mai ɗauke da shi da ake kira Apetamin. Amma babban abin tsoro yana ga na biyun, watau deksametazon da ɗan'uwansa firednisolon, na dangin sitiroyid.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula. Aikinta shi ne fitar da wani sinadari mai suna kotizol, wanda ke riƙe bugun jini da sukarin jini, musamman sa'ad da zazzaɓi ko rauni ko naƙuda suka taso. Jikin babban mutum yakan yi abin da bai wuce miligiram 10 zuwa 20 ba a yini. Deksametazon kwaikwayon wannan sinadari ne, sai dai ya ninka shi ƙarfi wajen sau 25. Magani ne mai daraja a hannun likita: da shi aka ceci masu tsananin cutar korona tun daga 2020, amma da awo, na kwana goma kacal.

A ɗauki misalin yarinya da saura mako shida bikinta. Mai kanti ya ce ta riƙa shan ƙwaya biyu da safe, biyu da dare, kowace rabin miligiram. Jimla miligiram 2 ke nan a yini, wanda a ido ba kome ba ne, amma a lissafi ya yi daidai da kotizol miligiram 50, watau ninki biyu da rabi ko fiye na abin da jikinta yake yi da kansa. Cikin mako biyu ci ya buɗe, kumatu suka ciko, ƙawaye suka fara yaba haske. Zuwa mako na shida fuska ta zama kewayayya kamar faifai, kitse ya taru a ƙeya da tumbi, amma hannuwa da cinyoyi sun sirance, domin maganin narkar da tsoka yake yi ya mai da ita sukari. Alama mai sauƙin ganewa ita ce, idan ta tsuguna, tashi sai da dafa ƙasa. Fatar ciki da ta cinya takan yi zane mai faɗi kamar nankarwa, ƙuraje su feso, al'ada ta rikice. Likitoci na kiran wannan hali da sunan Harvey Cushing, likitan Amirka da ya bayyana shi a 1932. Watau dai abin da aka yi wa guɗa a matsayin ƙiba, cuta ce mai suna a littafi.

Abin da ido ba ya gani ya fi yawa. Sukarin jini yana hawa, har mai gadon ciwon sukari ya faɗa ciki. Hawan jini yana biyo baya. Ƙashi yana zaizayewa, wani lokaci kan ƙashin ƙugu ya mutu saboda yankewar jini, a ga matashiya tana ɗingishi ba ta faɗi ba, ba ta yi haɗari ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi ƙasar noman rani fiye da sauran wurare. Sitiroyid yana kwantar da garkuwar jiki, alhali mutumin da ke yini cikin ruwan fadama da taɓo ba takalmi yana tare da abokan gaba da yawa: sauro, da tsargiya, da tsutsar ciki. A cikin tsutsotsin nan akwai wata siririya da ke huda fatar ƙafa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta zauna a hanji shekara da shekaru ba ta tayar da hankali ba. Da zarar an danne garkuwa, sai ta hayayyafa ba iyaka, ta ratsa hanji ta kai huhu, tana jan ƙwayoyin cuta zuwa cikin jini, kuma sau da yawa ajali ke nan. Tarin fuka da ya yi likimo ma hakanan yake farkawa. Abin takaici, ramar da ta kai mutum kanti tun farko tana iya zama ita ce alamar tarin fukan, ko ciwon sukari, ko tsutsa. Sai maganin ya sauko da zazzaɓi, ya cika kumatu, cutar kuwa tana ci ta ƙarƙashi kamar wutar ƙaiƙayi.

A koma ga amaryar. Biki ya wuce, ta tare, ta ajiye ƙwayoyi rana ɗaya. Nan ne tarkon yake. Tun da ƙwaƙwalwa ta ga kotizol na aro ya cika jini, ta daina aika wa 'yan tsokokin saman ƙoda umarni, su kuwa suka yi sanyi. Shan da ya zarce mako uku zuwa huɗu ya isa ya jawo haka, farfaɗowarsu kuma takan ɗauki watanni. Bayan 'yan kwanaki sai kasala, da ciwon gaɓoɓi, da tashin zuciya, da jiri idan ta miƙe. Da yawa a nan suke komawa kanti, su ce maganin ne ya karɓe su. Idan kuwa zazzaɓin cizon sauro ya same ta a wannan tsakani, jikin ba shi da kotizol da zai tare: amai da gudawa, bugun jini ya faɗi, sukari ya yi ƙasa, ta suma. A gida a kan ce iska ce ko sammu, a nufi wajen mai ruƙiyya, alhali allurar haidirokotizon da ƙarin ruwa ta jijiya ne za su tashe ta, in an yi hanzari.

Saboda haka wadda ta riga ta yi makonni tana sha, kada ta yanke shi da kanta. Ta ɗauki ledar ko kwalin ta kai Babban Asibitin Kura, ta faɗi adadin da take sha da ranar da ta fara ba ɓoye-ɓoye, domin likita ba shi da hanyar sani sai an gaya masa. A can za a auna sukari da hawan jini, a bincika tari da bayan gida, sa'an nan a riƙa rage awon sannu-sannu, mako bayan mako, har tsokokin su farka. Idan abin ya faskara a kan tura ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ko bayan ta daina, har tsawon shekara guda, duk sa'ad da za a yi mata tiyata ko ta zo haihuwa, wajibi ne ta sanar da ma'aikata cewa ta taɓa shan sa.