Ginshiƙi Bai San Ja Ba: Dokar Kashi Uku Ga Maginan Masarautar Kazaure

A garuruwan Kazaure, 'Yankwashi, Roni da Gwiwa, ginshiƙin bulo da babu rodi a cikinsa abu ne na yau da kullum. Shi ke riƙe da get ɗin gida, shi ke ɗauke da barandar shago, wani lokaci ma tankin ruwa ake ɗora masa. Idan ya tsage ko ya karkata, siminti ake fara ɗora wa laifi, a ce magini ya yi ƙwauro. Ana yin ƙwauron, babu musu, amma sau da yawa matsalar tana ga inda aka ɗora nauyin. Ginin bulo, dutse ko tubali yana jure dannewa ƙwarai, sai dai kwaɓin da ke tsakanin layi da layi ba ya jure ja, domin riƙonsa kaɗan ne. Saboda haka aikin magini shi ne ya tabbatar kowane sashe na ginshiƙi a danne yake.

Nauyin da ya sauka a tsakiyar ginshiƙi yana rabuwa daidai a ko'ina. Da zarar ya goce gefe, sai ya zama yana danna ginin kuma yana neman tanƙwara shi, kamar tulun da aka ɗora a gefen gammo. Gefen da nauyin ya kusanta ya ƙara matsuwa, ɗaya gefen ya sassauta. Idan gocewar ta ci gaba, za a kai wurin da matsin gefen nesa zai ƙare ƙaf, daga nan sai ja, wato layin kwaɓi ya fara buɗe baki. A ginshiƙi mai kusurwa huɗu, wannan iyaka ita ce kashi ɗaya cikin shida na faɗinsa, daga tsakiya zuwa kowane gefe. Injiniyoyi na rubuta ta da e ≤ b/6, inda e ke nufin gocewar, b kuma faɗin. A raba faɗin gida uku, nauyi ya tsaya a kashin tsakiya. Ana danganta ƙa'idar da injiniyan Faransa Navier, wanda ya buga darussansa a 1826. Ginshiƙi mai da'ira iyakarsa ta fi ƙunci, kashi ɗaya cikin takwas na faɗinsa.

Mu ɗauki ginshiƙi gajere da aka yi da bulo mai inci tara guda biyu a jere, an cike ramukansa, faɗinsa santimita 45 ta kowace fuska. Bim ya kawo masa nauyin tan huɗu. Idan bim ɗin ya zauna a tsakiya, kowace murabba'in santimita tana ɗaukar kusan kilo biyu. Kashin tsakiya a nan santimita 15 ne, wato bakwai da rabi ta kowane gefe. Nauyi ya kai bakin wannan iyaka, gefe ɗaya zai ɗauki kilo huɗu, ɗayan babu komai. Yanzu a ce an ɗora bim ɗin a kan bulo ɗaya kawai domin ya yi daidai da fuskar bango, abin da ake yawan yi don gini ya yi kyan gani. Nauyin ya goce da santimita 11 da 'yan kai. Lissafi ya nuna kilo biyar a gefen kusa, da jan kilo ɗaya a gefen nesa. Idan kwaɓin ya saki, kimanin santimita 11 na faɗin ginshiƙin sun daina aiki, sauran 34 ɗin su ke ɗauke da komai. A ƙara gocewar ta kai santimita 15, rabin ginshiƙin ne kawai ke aiki, kuma matsi a bakinsa ya kai kusan kilo takwas, ninki huɗu na farko. Nauyin bai ƙaru ko da kilo ɗaya ba.

Ginshiƙin get ya fi kowanne shiga wannan hali, domin kayansa a gefe suke rataye. Ginshiƙi irin na sama mai tsawon mita 2.4 nauyinsa kusan kilo 970 ne. A rataya masa ganyen get na ƙarfe mai kilo 100 da faɗin mita biyu. Tsakiyar nauyin ganyen tana nesa da tsakiyar ginshiƙin da kimanin mita ɗaya da kwata. Idan aka haɗa su, layin nauyi a gindin ginshiƙin ya goce da kusan santimita 12, ya wuce bakwai da rabin da aka yarda. Alamar ita ce tsaga a kwance, tana bin layin kwaɓi can ƙasa, a fuskar da ke baya da get, sannan bakin get ya fara sharar ƙasa. Da an ƙara bulo na uku ta fuskar da get ke ja, faɗin ya zama santimita 67 da rabi, nauyin ginshiƙin ya ƙaru, gocewar ta dawo kusan tara, iyakar kuma ta faɗaɗa zuwa 11. Bulo ɗaya a kowane layi ya raba gardama. Sai dai get yana buɗewa, ya ja ta wata fuskar, don haka dole a auna can ɗin ma, ko a sa wa bakinsa taya ya huta a ƙasa.

Magini mai shekaru a sana'a zai ce ya ga ginshiƙai da yawa da suka karya wannan doka, kuma suna nan a tsaye. Gaskiya ya faɗa. Fita daga kashin tsakiya ba faɗuwa ba ce nan take, ginshiƙi ba ya kifewa sai layin nauyi ya kusa bakinsa, kuma kilo takwas ɗin nan bulo mai kyau zai iya ɗauka. Amma tsagar ƙofa ce. Ruwan damina yana shiga, ƙasar gindi tana laushi a gefen da ya fi matsuwa, ginshiƙin ya ɗan karkata, karkatar kuma ta ƙara gocewar. Iskar farkon damina da ke ɗaga rufin kwano tana zuwa ta tarar da ginin da ya riga ya cinye ajiyarsa.

Wani kuma zai ce a ƙara siminti a kwaɓin. Hakan zai jinkirta tsagar, amma riƙon da ke tsakanin kwaɓi da bulo ba abin dogaro ba ne, musamman idan an yi ginin a zafin bazara, bulo ya shanye ruwan kwaɓin kafin ya kama. Wanda yake son ginshiƙi siriri, rodi da kankare zai nema, domin ƙarfe ne ke ɗaukar ja, kuma dole rodin ya shiga cikin tushe sosai. Wannan hanya ce mai kyau, amma lissafinta daban ne, kuɗinta ma daban.

Maginan laka na da ba su rubuta lissafin ba, amma katangarsu mai kauri a gindi da sirancewa a sama tana yin aikin nan: nauyin katangar yana jawo layin nauyi zuwa tsakiya, faɗin gindin yana faɗaɗa kashin tsakiyar. Da aka koma bulo, gini ya zama kauri ɗaya daga ƙasa har sama, aka rasa wannan kariya ba tare da an maye gurbinta ba. Ɗaliban gini na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da ƙungiyoyin magina na ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, su ne ya kamata su kai wannan awo wurin aiki. Mai gida kuma, kafin a ɗora bim ko a rataya get, ya nemi a sa tef a raba kan ginshiƙin gida uku a gabansa, a nuna masa inda nauyin zai sauka.