Jerin da Lambobinsa Suke Matsewa: Ina Yake Dosa?

Ɗauki lamba 1. Raba 2 da ita, ka haɗa amsar da lambar da ka ɗauka, sannan ka raba jimillar gida biyu. Za ka samu 3/2. Maimaita wannan aiki a kan 3/2, sai 17/12 ta fito. Sake yi, ka samu 577/408. In aka rubuta su da ɗigo, ga yadda suke: 1.5, sai 1.41666, sai 1.41421. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ce akwai inda ya dosa. To amma yaya za a tabbatar da haka alhali ba a riga an san wurin ba?

Wannan ita ce matsalar da Bernard Bolzano, wani limamin coci kuma masanin lissafi a birnin Prague, ya taɓo a 1817, sannan Bafaranshe Augustin-Louis Cauchy ya shimfiɗa ta a littafinsa Cours d'analyse a 1821. A ƙa'ida, kafin a ce jeri ya dosa wata lamba, wadda ake kira iyakarsa, sai an ambaci lambar, an nuna cewa jerin yana ta kusantarta. Sau da yawa kuwa iyakar ce abin da ake nema. Dabarar da suka kawo ita ce a bar zancen iyaka tukuna, a auna lambobin jerin da junansu.

Ga sharaɗin. Ka faɗi duk tazarar da ka ga dama, komai ƙanƙantarta, ko ɗaya bisa dubu, ko ɗaya bisa miliyan. Idan kullum za a iya nuna maka wani matsayi a jerin wanda daga shi zuwa gaba kowace lamba biyu da ka zaɓa bambancinsu bai kai wannan tazara ba, to jerin ya cika sharaɗi. Irinsa ake kira jerin Cauchy.

A lura da kyau, kowace biyu aka ce, ko da akwai lambobi dubu a tsakaninsu. A nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, don suna zaton ya isa a ce maƙwabta na kusantar juna. Duba jerin da ake samu ta tara 1, sai a ƙara 1/2, sai 1/3, sai 1/4, haka dai. Bayan mataki na 1000, abin da ake ƙarawa kowane karo bai kai 1/1000 ba, maƙwabta sun kusa haɗewa ke nan. Amma daga mataki na 1000 zuwa na 2000 an ƙara abu dubu, kowannensu bai gaza 1/2000 ba, jimillarsu ta haura rabi. Daga na 2000 zuwa na 4000 ma wani rabin ne da ɗoriya. Jerin yana tafiyar hawainiya, amma babu lambar da ba zai wuce ba, kuma Nicole Oresme ya nuna haka tun ƙarni na 14. Saboda haka hanyar gane irin wannan yaudara ita ce a gwada lamba ta n da ta 2n, kada a tsaya ga ta kusa.

Jerinmu na farko fa? Akwai hanya mai daɗi ta gwada shi. Daga 3/2 zuwa gaba, duk lambobin da za su biyo bayan wata lamba x suna faɗawa ne tsakanin 2/x da x. Bayan 3/2, kowa yana tsakanin 4/3 da 3/2, faɗin wurin 1/6. Bayan 17/12, kowa yana tsakanin 24/17 da 17/12, faɗin ya koma 1/204. Bayan 577/408, faɗin ya zama 1/235416. Lambobi biyu da suke cikin wuri ɗaya ba za su yi nisan da ya fi faɗin wurin ba, don haka sharaɗi ya cika, kuma ko sau ɗaya ba mu ambaci iyaka ba.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. Kowace lamba a wannan jeri irin ta kaza bisa kaza ce, wato cikakkiyar lamba a sama, cikakkiya a ƙasa. Idan aka ninka 17/12 da kanta, 2 da 1/144 ake samu. Ta gaba ta fi haka kusa da 2. Ashe abin da jerin yake nema shi ne lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 2 cif. Tun zamanin Girkawan dā an san babu irin wannan a cikin lambobin kaza bisa kaza: in ka ce p/q ce, an kuma rage ta iya ragewa, to p² = 2q² zai tilasta p ta rabu da 2, daga nan q ma ta rabu da 2, ka ga an saɓa wa ragewar da aka ce an yi. Wanda duk bai san wasu lambobi ba sai waɗannan, zai ga jeri yana ta matsewa a kan wurin da babu kowa. Akwai giɓi a layinsa.

Lambobin haƙiƙa, wato dukkan lambobin da ke kan layin lamba har da irin su √2 da π, ba su da wannan giɓi. Masana suna faɗin haka da ƙa'ida guda: duk tarin lambobi da yake da wata lamba da ba ya wucewa, to a cikin lambobin da ba ya wucewa ɗin akwai mafi ƙanƙanta. Daga wannan ƙa'ida hujjar take fitowa.

Mu ɗauki kowane jerin Cauchy. Nemi tazarar 1/10. Akwai matsayin da daga shi duk lambobin gaba ba su yi nisan 1/10 da lambar wannan matsayi ba. Sun shiga wani wuri mai faɗin 2/10, kamar garken da aka zagaye da shinge, ba mai sake fita. Nemi 1/100, za a samu matsayi can gaba da sabon shinge mai faɗin 2/100. Lambobin ƙarshe-ƙarshe suna cikin shingen biyu a lokaci guda, don haka sai mu riƙe inda suka haɗu kawai. Haka za a ci gaba da 1/1000 da abin da ya biyo baya. Gefen hagu na shingen ba ya komawa baya, gefen dama ba ya ƙara gaba, kuma babu gefen hagu da zai tsallake wani gefen dama.

Tara dukkan gefunan hagun. Suna da lambar da ba sa wucewa, don ko gefen dama na farko ya ishe su. Bisa ƙa'idar, akwai mafi ƙanƙantar irin wannan lamba. Mu kira ta L. Ba ta ƙasa da kowane gefen hagu, kuma ba ta sama da kowane gefen dama, tunda kowane gefen dama shi ma lamba ce da ba sa wucewa, L kuwa ita ce ƙaramarsu. L tana cikin kowane shinge ke nan. Idan lambobin jerin sun shiga shinge mai faɗin 2/1000, nisansu da L bai wuce 2/1000 ba, haka kuma ga kowace tazara. Wannan shi ne ma'anar a ce jerin ya dosa L.

Wuri ɗaya tak aka yi amfani da ƙa'idar, wajen samo L, kuma daidai nan hujjar take rushewa a lambobin kaza bisa kaza. Bolzano da Cauchy sun dogara da wannan siffa ta layin lamba ba tare da sun kafa ta a kan tushe ba. Sai a 1872 Richard Dedekind da Georg Cantor, kowanne ta hanyarsa, suka buga yadda ake gina lambobin haƙiƙa daga na kaza bisa kaza. Hanyar Cantor ta juya zancen ne gaba ɗaya: ya ce jerin Cauchy shi kansa shi ne lambar, kuma jeri biyu da bambancinsu yake tafiya zuwa sifili lamba ɗaya suke wakilta. A wannan gini, 1, 3/2, 17/12, 577/408 da abin da ya biyo baya ɗaya ne daga cikin jerin da suke wakiltar √2, kamar yadda 1, 1.4, 1.41, 1.414 yake wani.